Zanen kirayon da biro a bangon ɗakin yara: a san fentin kafin a sa masa hannu

"Assalamu alaikum Malam. Gidan haya muke a Ƙofar Ƙaura, nan cikin Katsina. Yarona ɗan shekara 3 da yayarsa sun cika bangon ɗakinsu da kirayon da biro. Bango uku fenti ne ruwan madara, ɗaya kuma wolfefa ce da aka ce mana ana iya wanke ta. Na gwada omo da soso a wuri ɗaya, sai wurin ya yi fari-fari, zanen kuma bai fita duka ba. Saura wata 2 mai gida ya zo sabunta haya. Don Allah me zan yi?"

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya raya su. Kafin komai ina roƙon ki ajiye omon nan da soson, kada ki sake taɓa bangon sai kin gama karanta abin da zan faɗa maki. Na fi shekara 20 ina aikin fenti a garin nan, kuma a yawancin ɗakunan yara da aka kira ni gyara, ɓarnar mai gogewa ta fi ta mai zanen. Dalili kuwa shi ne, sau da yawa zanen ya fi fentin da ke ƙarƙashinsa ƙarfi. Idan kika dage da dirza, fentin ne zai fara tafiya ya bar maki zanen, garin gyaran gira a rasa ido. Don haka aikin duka ya rataya a kan abu biyu: wane irin fenti ne a bangon, da kuma me yaron ya yi zanen da shi.

Gwajin minti biyar a bayan ƙofa

Ki samo farin ƙyalle mai laushi, tsohuwar singileti ta fi komai. Ki jiƙa gefensa da ruwa zalla, ki matse, ki naɗa a yatsa, ki je bayan ƙofa ko inda wadirof ke rufewa, ki shafa wuri ɗaya sau goma ba tare da dannawa sosai ba. Sai ki dubi ƙyallen.

Idan launin bangon ya biyo ƙyallen kamar kin shafa alli, to fentin ruwa ne na talaka, wato emolshin mai araha, wanda aka fi zuba wa gidajen haya. Irin wannan fenti yawancinsa garin farar ƙasa ne, gam ɗin da ke riƙe shi kaɗan ne, sau da yawa kuma mai aikin ya ƙara masa ruwa don bokiti ɗaya ya kai ɗaki biyu. Fuskarsa na da ƙofofi ƙanana da ido ba ya gani, yana shan duk abin da ya taɓa shi. Ba a wanke shi, sai dai a lallaɓa shi.

Idan ƙyallen ya dawo fari tas, kuma bangon na da ɗan sheƙi idan haske ya doke shi ta gefe, to satin ne ko silik, wanda masu shago ke ce wa fenti mai wankuwa. Shi ma na ruwa ne, amma gam ɗinsa ya yi yawa har ya rufe ƙofofin. Idan kuma sheƙin ya yi ƙarfi, bangon ya yi santsi kamar jikin ƙofar ƙarfe, to fentin mai ne. Don ki raba waɗannan biyun, ki ɗiga sifirit, wanda ake saya a kemis, a kan auduga ki shafa a ɓoyayyen wurin. Satin zai yi laushi ya saki launi kaɗan a audugar, fentin mai da ya daɗe da bushewa kuwa ko gezau. Ki riƙe sakamakon wannan gwaji, zai yi maki amfani idan mun zo kan biro.

Daga bayaninki, ina kyautata zaton naki na farkon ne. Amma farin da kika gani zai iya zama ɗaya cikin biyu. Ko dai sauran omo ne ya bushe a wurin, ko kuma fentin ne ya ci har sikiridin, wato farin shafen da ake yi wa bango kafin fenti, ya leƙo. Ki shafa wurin da ƙyalle mai ruwa zalla sau biyu, ki bar shi ya bushe awa ɗaya. Idan farin ya ɓace, omo ne, kin tsira. Idan yana nan, kuma da dare kika jingina tocila a jikin bangon hasken na bin fuskarsa kika ga wurin ya ɗan lotsa ko ya yi wani irin sheƙi daban, to fentin ya tafi, sai gyaran burushi. Wannan zan zo kansa.

Wani abu kuma da mu mutanen nan bai kamata mu manta ba shi ne ƙura. Bangon da ya sha hunturu yana ɗauke da ƙura mai laushi ko da ido bai gan ta ba. Da zarar ruwa ya taɓa ta sai ta koma laka, ta zana maki kewaye mai ruwan ƙasa a gefen inda kika goge. Don haka ki fara kaɗe bangon duka da busasshen ƙyalle, daga sama zuwa ƙasa, kafin ɗigon ruwa ya taɓa shi.

Kirayon kakin kyandir ne

Kirayon ba tawada ba ne. Irin kakin da ake yin kyandir da shi ne, aka gauraya da garin launi. Ruwa ba ya narkar da shi, shi ya sa omo bai yi maki aiki ba. Abin da ke narkar da shi zafi ne, wajen digiri 50 zuwa 60, ko kuma mai. Kyawunsa shi ne yawancinsa a saman fenti yake zama, bai cika nutsawa ba sai an tura shi da dirza ko da zafi.

Saboda haka a kowane irin bango, matakin farko kankarewa ne a bushe. Ki samo tsohon katin banki ko na waya, ki kwantar da shi kusan daidai da bangon, ki riƙa turawa a hankali kina bin layin zanen. Za ki ga kakin na tattaruwa a bakin katin kamar dattin farce. Ki share shi a tishu bayan kowane turi, in ba haka ba shi za ki mayar wani wurin. Kada ki yi da wuƙa ko reza. Kuma ki yi aikin da sassafe lokacin da bangon ke da sanyi, domin kakin ya fi tauri, ya fi ɓantarewa. A watan Afrilu, da rana tsaka, bangon da rana ke duka ta baya yakan yi ɗumin da kirayon zai yi laushi, sai kati ya riƙa shafe shi maimakon ya ɗauke.

Daga nan hanya ta rabu. A kan satin ko fentin mai, ki haɗa ruwa mai ɗumi lita ɗaya da rabin ƙaramin cokali na sabulun ruwa na wanke-wanke. Rabin cokali na ce, domin kumfa mai yawa ita ke barin tabo. Idan kina da handiraya, ki sa ta a ƙaramin zafi, ki riƙe ta kamar taƙi ɗaya daga bangon na daƙiƙa 10 zuwa 15, har zanen ya fara ƙyalli. Nan take ki danna tishu a kai ki ɗaga, ki juya wuri mai tsabta ki sake dannawa. Dannawa ake yi, ba shafawa ba. Idan kaurin ya tafi, sai ki bi da ƙyallen ruwan sabulu, sannan wani na ruwa zalla, sannan busasshe. A fentin mai kaɗai, ɗigon man gyaɗa ko basilin a kan ƙyalle yana narkar da kirayon cikin sauƙi, sai a wanke man da ruwan sabulun.

A kan emolshin mai araha kuwa, kada mai ya kusanci bangon, kowane iri ne. Zai shiga ƙofofin nan ya bar duhun tabo wanda ya fi kirayon muni, kuma ko sabon fenti ba ya son zama a kansa. Zafi ma ban yarda da shi a nan ba, don narkakken kaki nutsawa yake cikin fentin da launinsa. Abin da nake yi bayan kankarewa shi ne in bi sauran da farar kilina ta 'yan makaranta, sabuwa mai tsabta, a hankali. Takan ɗauke kaso mai kyau. Abin da ya rage sai in jiƙa ƙyalle da ruwan sabulun nan, in matse shi har ba ya ɗiga, in dangwali bekin soda kaɗan a bakin yatsa, in bi layin zanen kawai, sau uku ko huɗu, in tsaya in dubi ƙyallen. Muddin launin kirayon nake gani, ina ci gaba. Da na fara ganin ruwan madarar bangon a ƙyallen, na daina, ko da zanen bai ƙare ba. Farin man goge baki yana yin aiki iri ɗaya da bekin soda, tunda dukkansu goga ne mai laushi, amma ya fi wahalar ɗauraya.

Zan gaya maki gaskiya tun yanzu: launin rawaya, ruwan lemo da kore mai haske sukan fita kusan duka. Ja, baƙi da shuɗi mai duhu a kan emolshin mai araha sukan bar inuwa. Idan kin kai ga inuwar da sai an matso ake gani, ki tsaya a nan.

Akwai wani farin soso da ake sayarwa yanzu a manyan shaguna, mai kama da kumfa, wanda ake jiƙawa da ruwa kawai. Yana cire kirayon sosai, amma mutane ba su san cewa samfefa ce mai matuƙar laushi ba. A satin yana kashe sheƙin wurin, a emolshin yana cin fentin. Ni ina amfani da shi a ƙarshe, a ɗan ƙaramin wuri, da hannu mara nauyi.

Biro ya fi wuya

Biro shi ne mai ba mu ciwon kai. Tawadarsa rini ce da aka narkar a cikin wani ruwa mai maiƙo tare da ɗan gam, kuma bakin biron ƙarfe ne, yaro na dannawa yana huda fuskar fentin yana cusa rinin ciki. Sabulu ba ya taɓa ta. Abin da ke narkar da ita sifirit ne, ko sanitaiza ta hannu mai ƙarfi, wadda aka rubuta kashi 70 a jikinta. Matsalar ita ce abin da kika gani a gwajin bayan ƙofa: sifirit ɗin da ke narkar da tawada shi ne kuma ke tausasa fentin ruwa.

A fentin mai babu damuwa. Auduga da sifirit, a danna, a ɗaga, tawadar ta biyo. Ko tawadar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki, mai wuyar fita, haka ake yi mata. A satin kuwa sai da dabara. Ki yi amfani da tsinken audugar kunne, ki tsoma a sifirit ki matse shi a gefen murfi. Ki ɗora a kan layin biron na daƙiƙa biyar, ki mirgina shi, ki ɗaga. Za ki ga shuɗi a audugar. Ki jefar, ki ɗauki sabo, domin wanda ya ɗauki tawada idan ya koma bango rini zai yi. Ki ɗauki tsawon yatsa ɗaya a lokaci guda, kada ki wuce zagaye biyu ko uku a wuri ɗaya. Idan wurin ya fara danƙo a ƙarƙashin yatsa, fentin ya yi laushi ke nan, ki bar shi rabin awa ya koma yadda yake kafin ki dawo. Kada ki zuba sifirit kai tsaye a bango, don zai gangara da tawadar, layi ɗaya ya zama faffaɗan tabo mai ruwan bula. Ki buɗe taga, kuma ki nisanta shi da wuta, ko da maganin sauro ne na kunnawa, saboda yana kamawa da sauri.

A emolshin mai araha, ba zan yaudare ki ba, biro ba ya fita. Fentin ya riga ya sha rinin har cikinsa. Sifirit zai rage duhun, amma zai yaɗa shi gefe, kuma ya cinye fentin. Na sha gwadawa don in rage wa mutane kashe kuɗi, ban taɓa samun sakamakon da zan nuna wa mai gida ba. A nan magani rufewa ne.

Ki lura kuma ko wani zanen na kalar yara ce mai bakin soso, ko fensir. Kalar yara mai bakin soso yawancinta ta ruwa ce, ƙyalle mai ɗanshi da ruwan sabulu sun isa. Fensir kuma kilina kawai yake so, kada ruwa ya taɓa shi, don jiƙa shi ke mayar da shi baƙin shafe.

Sai abubuwan da za a ba ki shawara a unguwa. Za a ce ki sa fetur ko kananzir ko tina. Gaskiya suna narkar da kirayon, amma suna barin tabon mai a fentin ruwa, tina tana cin fentin mai ma, warinsu na kwana da kwanaki a ɗakin da yara ke barci, ga haɗarin gobara. Za a ce abin cire jan farce, shi kuwa cikin daƙiƙa kaɗan yake narkar da fentin ruwa da fuskar wolfefa. Za a ce bilic, wanda ba ya yi wa kaki komai, sai dai ya kashe launin bangon. Duk ki bar su.

Bangon wolfefa

Kalmar "ana wankewa" a bakin mai sayarwa tana da faɗi. Idan akwai sauran naɗin ko takardar da ke jikinsa, ki duba alamar igiyar ruwa. Layi ɗaya mai lanƙwasa na nufin a shafa da ɗanshi kawai, biyu ana iya wankewa a hankali, uku ta fi jure wanki, idan kuma akwai hoton burushi tare da layin to tana jure ɗan gogawa. Idan babu takardar, ki yarfa ɗigon ruwa a ɓoyayyen wuri. Idan ya tsaya dunƙule ya gangara, fuskar roba ce. Idan wurin ya yi duhu ya sha ruwan, takarda ce, kilina kawai za ki sa mata.

Mai fuskar roba tana karɓar kirayon da sauƙi fiye da fenti. Ki kankare da kati, ki bi da ruwan sabulun nan. Yawancin waɗanda ake kawo mana suna da zane mai tudu da kwari, kuma kirayon na maƙalewa a cikin kwarin. A nan tsohon burushin goge baki mai laushi ne ke aiki: a tsoma a ruwan sabulu, a kaɗe, a juya shi a wurin a hankali, a tsane da tishu. Handiraya a ƙaramin zafi za ta taimaka, amma daƙiƙa kaɗan, domin zafi na sa roba ta yamutse, gam ɗin baya kuma ya saki. Dutsen guga, musamman na gawayi, kada ya kusance ta.

Raunin wolfefa yana wurin haɗi. Faɗin naɗi ɗaya yawanci santimita 53 ne, tsawonsa mita 10, don haka kusan kowane kamu ɗaya akwai layin haɗi daga sama har ƙasa. Ruwa idan ya shiga nan, gam ya jiƙe, baki ya ɗaga, daga nan yaro ya samu abin ja. Ki matse ƙyalle sosai, ki riƙa shafawa sama da ƙasa kina bin tsawon haɗin, kada ki tunkari bakinsa ta gefe.

Biro a wolfefa kuwa lokaci ne ke yanke hukunci. Na yau ko na jiya yakan biyo tsinken auduga da sifirit. Wanda ya yi makonni, rinin ya riga ya ratsa cikin robar kanta, kamar yadda biro ke kama kujerar leda, ba abin da zai fito da shi. Sannan a wolfefa da yawa an buga furen ne a saman robar, sifirit na iya ɗauke shi tare da tawadar ya bar farin wuri. Dole ki gwada a ɓoye tukuna.

Idan ya ƙi, faci ake yi, kuma idan an yi shi da kyau ba a gani. A samo guntun da ya rage, a ɗora shi a kan wurin da ya ɓaci har furensa ya dace da na ƙasa, a riƙe shi da salatif na takarda. Sai a ɗauki sabuwar reza a yanka duka biyun lokaci ɗaya, ana bin gefen fure ko wani layi na zanen, don yanka a miƙe ido na saurin kama shi. A cire na sama, a ɓare na ƙasan da aka yanka, a shafa gam ɗin wolfefa a bayan sabon, a zaunar da shi a gurbin, a danna da ƙyalle. Idan babu saura, ki tambayi wanda ya manna ta, sukan ajiye. In ba a samu ba, ana iya yanko guntu daga inda wadirof ke rufewa, amma a gidan haya wannan sai da sanin mai gida.

Yadda na rufe wani ɗaki a Sabuwar Unguwa

Bara an kira ni wani gida a Sabuwar Unguwa, ɗakin yara ƙafa 12 da 12, emolshin ruwan madara kamar naki. Mai gidan ya riga ya sayi galan ya shafa da kansa a kan zanen har sau uku. Kowane shafi yakan rufe da farko, washegari sai layin biron ya sake fitowa, shuɗi-shuɗi kamar jijiya a bayan hannu. Inda kirayon yake kuma fentin ya ƙi zama, ya tattare, da na sa farce sai ya ɓare. Abin da ya faru shi ne, ɗanyen fentin ruwa na tayar da rinin biron ya hauro da shi sama yayin da yake bushewa, kaki kuma ba ya barin fentin ruwa ya kama shi. Ko sau goma aka shafa haka za a yi ta yi.

Ranar farko na kankare duk inda fentin ya tattare, na cire kaurin kirayon da sikirafa, na wanke wuraren da ruwan sabulu na bar su suka bushe. Da la'asar na ɗauki andakot na mai, wato fentin da ake fara shafawa kafin na sama, fari, ƙaramin gwangwani na lita ɗaya, na bi kowane zane da ƙaramin burushi, ina wuce gefensa da kamar faɗin yatsa biyu, shafi ɗaya mara kauri. Andakot na mai shi ne katangar: idan ya bushe, ruwan sabon fenti ba ya kai wa ga rinin. Na sa aka buɗe tagogi, yaran suka kwana ɗakin mahaifiyarsu, saboda warinsa ba na ɗakin barci ba ne.

Washegari na duba. Wuri biyu inda aka danna jan biro sosai sun ɗan leƙo, na ƙara masu shafi na biyu, na sake ba su kwana. Rana ta uku na bi wuraren da samfefa mai laushi, sama-sama, don gefen andakot ɗin ya kwanta kuma emolshin ya samu abin kamawa, na share ƙurar. Sannan na shafa fenti da rola, shafi biyu, awa huɗu tsakani.

Ban yi faci-faci da fentin ba, na shafe kowane bango daga kusurwa zuwa kusurwa. Ko da sauran fentin asali ne a bokiti, na bangon ya riga ya sha rana da ƙura ya canza, facin zai fito kamar tabon ƙuna. Ido ba ya kama ɗan bambancin launi idan ya tsaya a kusurwa, amma yana kama shi a tsakiyar bango. Bango ɗaya na irin wannan ɗaki bai wuce murabba'in mita 11 ba, galan ɗaya mai lita 4 na fenti mai kyau yana isar shafi biyu har da ragi. Bango uku, idan an cire ƙofa da taga, galan biyu muka kashe. Idan za ki sayo launi, kada ki dogara da sunan "ruwan madara", don kowane kamfani da nasa. Ki ɓanɓaro ɗan ɓawon fentin daga bayan ƙofa ki kai shago, a shafa sabon a takarda, a jira ya bushe sannan a kwatanta, domin ɗanye da busasshe ba launi ɗaya ba ne.

Gargaɗi ɗaya a kan samfefa: idan a ƙasa akwai tsohon fentin mai na shekaru da yawa, kamar yadda ake samu a tsofaffin gidajen cikin gari, kada a goge shi a bushe. Wasu tsofaffin fentin mai na ɗauke da dalma, ƙurarta guba ce ga ƙananan yara. A jiƙa samfefar, a share da ɗanyen ƙyalle, yara kuma su yi nisa har a gama.

Abin da zan yi da a gidanki nake

Wata 2 sun isa. A wannan makon ki yi gwajin bayan ƙofa, ki kaɗe ƙura, ki fara da biron da ke jikin wolfefa, tunda shi ne kullum ke ƙara kamawa. Kirayon ba ya gudu, ki bi shi kaɗan-kaɗan da safe, bango ɗaya a rana. Idan kin gama, ki tsaya a bakin ƙofa da rana ki dubi ɗakin, domin daga nan mai gida zai duba. Bangon da inuwar kirayon kawai ta rage masa, ki ƙyale shi. Bangon da ke da biro ko farin tabon nan na omo, shi za a yi wa andakot a shafe gaba ɗayansa. Mai yiwuwa bango ɗaya ne ko biyu, ba ɗakin duka ba.

Tunda fenti za a taɓa, ki sa maigidanki ya yi wa mai gidan magana kafin a fara, kuma a nemi izinin yin satin daga ƙasa zuwa tsawon ƙafa 4, inda hannun yara ke kaiwa, ko da saman zai zauna a emolshin. Kuɗinsa ya fi, amma galan ɗaya kan zagaye ƙasan ɗakin. Sai dai sabon satin yana bushewa a taɓa cikin awanni, amma ba ya gama tauri sai bayan mako 3 zuwa 4. A cikin wannan lokacin kada a wanke shi, ko an yi sabon zane a bari ya cika kwanakinsa. Ki ɗauke biro da maka daga ɗakin, ki manna masu babban kwali ko bayan tsohuwar kalanda a daidai wurin da suka fi zanawa, da salatif na takarda, wanda bai cika ɓare fenti ba idan an zo cirewa a hankali.